Naira 14,000 da layi ɗaya ya jawo wa wata makaranta

Aikina shi ne haɗa wa makarantu masu zaman kansu manhajar da ke amsa tambayoyin iyaye ta WhatsApp: nawa ne kuɗin zango, yaushe za a fara sayar da fom, waɗanne takardu ake zuwa da su. Manhajar tana aiki da ƙirƙirarriyar basira, kuma kafin ta amsa wa kowa sai ta bi wani rubutu da muke ajiye mata a ɓoye, wanda a allon saiti ake kira `system prompt`. Ni takardar umarni nake ce masa, domin ya yi kama da takardar da shugaban makaranta zai miƙa wa sabon akawu ranar da ya kama aiki: ga abin da za ka faɗa, ga yadda za ka yi wa iyaye magana, ga inda za ka tsaya ka kira ni. Masu makarantu sun fi damuwa da tambarin makaranta da kyawun gaisuwa. Abin da na gani a aiki kuwa, rigimar da ke tashi a ofishin akanta daga wannan takarda take fitowa.

Ga yadda na koya. A wata makaranta mai firamare da ƙaramar sakandare, ana dab da shiga zangon farko a watan Satumba, na sa layi ɗaya a cikin umarnin: akwai ragin kashi 10 ga mai 'ya'ya uku a makarantar. Haka aka faɗa mini a baki, haka na rubuta, ban ƙara tambaya ba. Wani mahaifi ya turo saƙo da dare. Yana da yara biyu a firamare, zai sa na uku a aji ɗaya na sakandare. Kuɗin firamare naira 45,000 kowane yaro, na sakandare 60,000. Sabon ɗalibi yana da fom 5,000, rajista 10,000, yunifom 18,000. Kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai 2,000 ne a kan gida ɗaya. Jimla 185,000. Manhajar ta cire kashi 10 daga jimlar gaba ɗaya, ta ba shi 166,500.

Ka'idar makarantar ba haka take ba. Ragin yana kan kuɗin karatu ne kaɗai, na yaro ɗaya, wanda kuɗinsa ya fi ƙanƙanta, kuma sai shugabar makaranta ta sa hannu. Wato naira 4,500 za a cire, abin biya ya zama 180,500. Mutumin ya zo da safe da 166,500 cif, ya ƙirga su a kan teburin akanta, ya ɗaga wayarsa ya nuna saƙon. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Malam, lambar makaranta ce ta faɗa mini, kuma abin da na iya haɗawa ke nan." Akanta ya rasa abin cewa, domin a idon mahaifin babu bambanci tsakanin manhaja da makaranta, kuma yana da gaskiya. Hajiya mai makarantar ta yafe 14,000 ɗin, sannan ta kira ni. Laifin nawa ne. Na bar giɓi a umarnin, ita kuwa irin wannan manhaja ba ta barin giɓi a buɗe, cike shi take yi da abin da ya fi kama da gaskiya, kuma ta faɗe shi da cikakken tabbaci.

Tun daga ranar na daina rubuta ka'idar kuɗi a matsayin bayani. Ina sa jadawali ne mai ɗauke da zango da shekara da ranar da akanta ya tabbatar da shi, kowane aji da jimlarsa an riga an haɗa, tsohon ɗalibi daban, sabo daban. Dalilin haɗa jimla tun da wuri shi ne waɗannan manhajoji rubutu suke hasashe, suna iya kuskuren lissafi ba tare da wata alama ba. A ƙarƙashin jadawalin sai iyaka ta biyo:

```
Faɗi kuɗin da ke cikin jadawali kawai, tare da zangon da ya shafa.
Kada ka lissafa ragi, kada ka yi alkawarin lamuni ko biya kashi-kashi.
Idan an tambayi ɗaya daga cikinsu, ka ce akanta ne ke yankewa,
ka ba da lambar ofis da lokacin aiki.
```

Wasu masu makarantu ba sa son wannan. Sukan ce to me ya rage wa manhajar? Ya rage mata mafi yawan aikin, domin tambayoyin da ke cika wayar makaranta 'yan kaɗan ne masu maimaita kansu. Ragi da lamuni kuwa hukunci ne da ake yanke shi bayan an dubi mutum: maraya ne, ɗan malamin makarantar ne, mahaifin ya saba cika alkawari ko bai saba ba. Wannan sanin yana hannun Hajiya da akanta, kuma a can ya kamata ya zauna.

Iyaka ta biyu ita ce tabbatar da biya. Iyaye suna turo hoton alat ko rasit ɗin banki su ce a duba. Manhajar tana iya karanta hoton, amma ba ta ganin asusun makaranta, kuma kowa ya san ana ƙirƙirar alat na bogi. Idan ta ce an karɓa, an sami shaidar da za a zo da ita ofis. Saboda haka umarnin ya ce ta yi godiya, ta bayyana cewa rasit ɗin akanta ne kawai shaidar biya, ta faɗi lokacin da za a iya karɓarsa. Lambar asusu ma ɗaya tak nake sawa, tare da sunan asusun kamar yadda zai fito a allon waya, da gargaɗin cewa makaranta ba ta karɓar kuɗi ta asusun wani mutum. Haka batun gurbin karatu yake. Tana iya faɗin ranar jarrabawar shiga da takardun da ake buƙata, irin su takardar haihuwa, hotuna da sakamakon tsohuwar makaranta. Ba ta cewa za a ɗauki yaro, ba ta kuma cewa ba za a ɗauke shi ba, ko da an gaya mata makinsa.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne bashi. Wata rana mace ta rubuto tana tambayar nawa ake bin wani yaro, ta kawo sunansa da ajinsa daidai. Tana iya zama mahaifiyarsa. Tana iya zama kishiyar mahaifiyar, ko matar da aka rabu da mijin ana shari'ar riƙon yara, ko maƙwabciya mai son jin gulma. Ta saƙon waya ba a bambance su. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin kiyaye su, kuma ta ƙara tsanantawa a kan na yara. Ko babu dokar ma, bashin kuɗin makaranta sirrin gida ne, rufin asirin magidanci yana ciki. A nan ban dogara da umarni ba sam. Takardar umarni ba kwaɗo ba ce, mai naci yana iya lallaɓa manhaja har ta saki abin da aka hana ta, ko ta zayyano umarnin kansa. Shi ya sa ba na haɗa ta da kundin ɗalibai kwata-kwata, kuma ba na rubuta a cikin umarnin wani abu da makaranta za ta ji kunya in an karanta shi a taron iyaye. Abin da ba a ba ta ba, babu dabarar da za ta sa ta fitar da shi.

Sai harshe. Idan aka rubuta "ki kasance mai ladabi" aka tsaya, abin da ke fitowa ladabin kamfanin waya ne da aka juya zuwa Hausa, ga tulin godiya da 'yan hotunan murmushi. Dattijon da ya yi sallama ba ya son wannan. Nakan fayyace:

```
Amsa sallama da sallama. Yi amfani da "ku", kada ka ce "kai" ko "ke".
Kada ka kira kowa Alhaji, Hajiya ko Malam sai ya gabatar da kansa haka.
Amsa da harshen da aka rubuto, Hausa ko Turanci. Layi biyar ya isa.
Idan an tambaya, faɗi gaskiya cewa kai manhaja ne, ba ma'aikaci ba.
```

Kalmar "ku" tana maganin abu biyu a lokaci guda: girmamawa ce, kuma tana hana a ce wa uwa "ka" don wayar mijinta ta ara. Akwai kuma saƙon da ba tambaya ba ne, kuka ne. Uba ya rubuto cewa an koro yaronsa gida kuma albashi bai shigo ba. A nan na hana manhajar yin wa'azi, na hana ta kare makaranta, na hana ta maimaita masa adadin kuɗin da ya riga ya sani. Ta nuna ta ji, ta faɗa masa wanda zai gani da lokacin da zai same shi, ta tura saƙon ga ofis. Wannan turawar dole ta kasance ta gaske. Na taɓa samun inda manhaja ke cewa an sanar da hukuma alhali babu wata hanya da aka haɗa da za ta kai saƙon ko'ina, iyaye suna ta jiran kiran da ba zai zo ba. Idan ba a haɗa hanyar ba, a hana ta faɗin haka.

Kafin in miƙa aiki, nakan zauna da akanta da wayar ofis mu kwaso tambayoyi talatin na gaske daga tsofaffin saƙonni, mu goge sunaye, mu gwada su yadda aka rubuto su: Hausar waya marar ƙugiya, gaurayen Hausa da Turanci, "nawane jss1" babu alamar tambaya. Sannan akanta ya zama mahaifi mai naci, ya ce shi ɗan'uwan mai makaranta ne, ya ce bara an yi masa ragi, ya ce shugaba ta riga ta amince. Alamar matsala ita ce duk adadin da ya fito wanda ba za mu iya nuna shi da yatsa a jadawali ba, da duk jimlar da ta fara da "za a". Idan muka ga ɗaya, mu koma mu gyara layin, mu sake gwada talatin ɗin daga farko, domin gyaran wuri ɗaya yakan ɓata wani.

Abin da ya fi saurin lalacewa shi ne jadawalin kansa. Kuɗi yana canzawa tsakanin zango da zango, kuɗin WAEC da NECO na 'yan ajin ƙarshe yana zuwa a nasa lokacin, manhaja kuwa za ta ci gaba da faɗin tsohon adadi har sai wani ya canza shi. Yanzu a saman kowane jadawali ina rubuta ranar da zai daina aiki, ina kuma sa tsarin ya riƙa ba manhajar kwanan watan yau, domin da kanta ba ta san shi ba. Idan ranar ta wuce ba a sabunta ba, sai manhajar ta daina faɗin kuɗi, ta tura kowa ofis. A makarantar Hajiya, akanta ne ke sa hannu a kan takardar kuɗin sabon zango, ya ɗauki hotonta ya turo mini a makon ƙarshe na hutu, ni kuma ba na taɓa ko sifili ɗaya a jadawalin sai na ga wannan sa hannun.