Tambaya da Amsa: Me ya sa karaya ɗaya ke warkewa lafiya, wata kuma ta karkatar da ƙafar yaro?

TAMBAYA

 Bara 'yata mai shekara 9 ta faɗi ta karye a wuyan hannu. Aka gyara ƙashin, aka sa mata siminti na mako huɗu, aka sallame mu. A katinta an rubuta Salter-Harris II. Watan jiya kuma yayanta mai shekara 11 ya karye a idon sawu wajen ƙwallo. A ganina karayarsa ba ta kai tata muni ba, domin ita hannunta har ya lanƙwashe, shi kuwa kumburi ne kawai. Amma shi sai da aka yi masa tiyata aka sa ƙarfe, aka rubuta Salter-Harris IV, aka ce mu riƙa dawowa ɗaukar hoto har shekara biyu don ƙafar tana iya karkacewa. Mene ne bambancin lambobin nan, kuma me ya sa ƙaramar karaya ta fi babba haɗari?

Daga wani uba, Zariya.

AMSA

 Allah ya ba yaron lafiya. Abin da likitocin suka yi wa 'ya'yanka biyu daidai ne. A karayar yara, girman lanƙwasar da ido ke gani ba ya nuna yadda ƙarshen zai kasance. Abin da ake dubawa shi ne hanyar da tsagar ta bi a cikin ƙashin.

Dogon ƙashin yaro yana ƙara tsawo ne daga wurare biyu, kusa da kowane ƙarshensa. A nan akwai wani siririn faifai na guringuntsi a kwance tsakanin kan ƙashi, wato ɓangaren da ke shiga gaɓa, da wuyan ƙashi. Shi muke kira faifan girma. Faifan yana da hawa-hawa. Hawan da ke manne da kan ƙashi shi ne gidan ƙwayoyin halittar da ke hayayyafa, kuma jininsu daga kan ƙashin yake zuwa musu. Sabbin ƙwayoyin suna jeruwa suna gangarawa wajen wuyan ƙashi, su kumbura, su mutu, sai ƙashi ya maye gurbinsu. Hawan da ƙwayoyin suka kumbura shi ne mafi rauni a duk ƙashin, har ya fi jijiyoyin da ke riƙe gaɓa rauni. Shi ya sa faɗuwar da za ta jawo wa babba targaɗe takan jawo wa yaro karaya a wannan wuri.

A shekarar 1963 wasu likitocin ƙashi biyu na birnin Toronto a ƙasar Kanada, Robert Salter da Robert Harris, suka kasa karayar faifan girma gida biyar. Sunansu ne ka gani a katin, kuma har gobe da wannan rabo ake aiki.

A nau'i na ɗaya, tsagar tana bi ta cikin faifan a kwance daga gefe zuwa gefe, ta raba kan ƙashi da wuyansa. Idan ƙashin bai goce ba, hoton yana iya fitowa kamar lafiya lau, domin guringuntsi ba ya fitowa a hoton ƙashi. Likita yana gane ta ne da zafin da yaro ke ji daidai kan faifan idan an danna. A nau'i na biyu, tsagar tana bin faifan na ɗan nisa, sannan ta kauce ta fita ta wuyan ƙashi, ta ɓalle wani guntu mai kusurwa uku. Wannan shi ne irin na 'yarka, kuma shi ya fi yawa, kusan uku cikin kowane huɗu. Abin da ya haɗa nau'o'in nan biyu shi ne, yawanci tsagar tana ratsa hawan nan mai rauni ne, ta bar ƙwayoyi masu hayayyafa a manne da kan ƙashi tare da jininsu. Don haka ko hannun ya lanƙwashe sosai, da zarar an mayar da ƙashin mazauninsa girma yana ci gaba. Ko da an bar 'yar karkata kaɗan, a wuyan hannun yarinya mai shekara 9 girman da ya rage mata yana miƙe ta da kansa.

A nau'i na uku, tsagar tana bin faifan sannan ta juya ta ratsa kan ƙashi ta faɗa cikin gaɓa. A nau'i na huɗu, irin na ɗanka, tsagar tana tsaye ne: ta taso daga fuskar gaɓa, ta ratsa kan ƙashi, ta keta faifan, ta fita ta wuyan ƙashi. Waɗannan biyun dole su yanka gidan ƙwayoyi masu hayayyafa, kuma su tsaga santsin fuskar gaɓa. Na biyar kuwa murƙushewa ce, inda nauyi ya danne faifan ya kashe ƙwayoyinsa, kamar yaron da ya diro daga wuri mai tsawo a kan ƙafafunsa. Ba ta da yawa, kuma sau da yawa ba a ganinta a hoton farko, sai bayan watanni idan girma ya tsaya.

Yanzu mu dubi ƙafar ɗanka. Tsagar ta ɓalle guntun da ya ƙunshi kan ƙashi da faifai da wuyan ƙashi gaba ɗaya. Idan guntun nan ya zame sama ko da kaɗan ne, ƙashin kansa zai zo daidai da ƙashin wuyan da ke gefensa, faifan da ya kamata ya raba su ya goce. Ƙashi biyu da suka karye suka haɗa fuska kuwa haɗewa suke yi. Sai a sami wata gada ta ƙashi da ta tsallake faifan ta ɗaure shi. Wurin gadar ya daina tsawo, sauran faifan yana ci gaba da girma. Kamar reshen bishiya ne da aka ɗaure gefensa guda da igiya: yana girma yana sunkuyowa wajen ɗaurin. Irin wannan karaya a idon sawu ta fi aukuwa a ƙullutun ciki, don haka idan gada ta fito, ƙafar tana karkatowa ciki, yaro ya riƙa takawa da gefen tafin ƙafarsa na waje. Idan gadar tana tsakiyar faifan ko ta cinye shi duka, ƙafar takan gajarce maimakon ta karkace.

Wannan ne dalilin tiyatar. Ƙa'idar da likitocin ƙashi ke bi a nau'i na uku da na huɗu ita ce, idan gocewar ta wuce milimita 2, a buɗe a mayar da guntun daidai wurinsa, faifai ya fuskanci faifai, fuskar gaɓa ta dawo sumul. Ƙarfen da ake sawa ana kwantar da shi ne a jere da faifan, ba a so ya huda shi, domin hudar ma tana iya haifar da gada. Tiyata tana rage haɗarin sosai, amma ba ta kawar da shi gaba ɗaya, tunda ƙwayoyin da suka mutu a ranar faɗuwa ba sa dawowa.

Shekarun yaro ma suna shiga lissafi. Ƙashin ƙafar namiji yakan gama tsawo wajen shekara 16, na mace wajen 14. Faifan ƙasan ƙashin ƙwauri yana ƙara kimanin milimita 5 a shekara. Ɗanka yana da sauran shekara biyar, don haka da faifan zai mutu gaba ɗaya yau, ƙafar za ta gaza 'yar'uwarta da kusan santimita biyu da rabi. Da shekararsa 15 ne, abin da zai rasa bai taka kara ya karya ba.

Lambar nau'i ba ita kaɗai ke faɗin gaba ba, wurin karayar ma yana da nasa hukunci. Misali mafi girma shi ne ƙarshen ƙashin cinya, dab da gwiwa. Faifan wurin yana da tudu da kwari, don haka ko tsagar nau'i na biyu ce sai ta yanki ƙwayoyi masu hayayyafa a hanyarta, kuma yawanci ba ya karyewa sai da bugu mai ƙarfi irin na haɗarin babur. Kusan rabin yaran da suka karye a nan suna samun matsalar girma, alhali a wuyan hannu 'yan kaɗan ne cikin ɗari. Ga shi kuma faifan ƙashin cinyar nan yana ƙara kimanin milimita 9 a shekara, fiye da kowane faifai a jiki. Yaro mai shekarun ɗanka zai iya rasa santimita huɗu da rabi.

Hoton da aka ce ku riƙa dawowa ɗauka yana da abin da ake nema a cikinsa. Bayan karaya, wani siririn farin layi yakan fito a wuyan ƙashi, alamar wurin da girma ya ɗan dakata. Idan watanni suna tafiya layin yana nisa da faifan kuma yana kwance a jere da shi, girma ya dawo daidai. Idan layin ya karkace, yana nisa ta gefe ɗaya yana manne da faifan ta ɗaya gefen, gada ta fito a nan. Hoto yana nuna wannan tun kafin ido ya ga karkata, sai a tabbatar da girman gadar da hoton CT ko MRI. Idan ba ta kai rabin faifan ba, kuma yaro yana da sauran girma na aƙalla shekara biyu, ana iya kankare ta a cusa kitsen jikinsa a ramin don kada ta sake haɗewa. Idan an makara, sai dai a tsayar da sauran faifan, a yanka ƙashin a miƙe shi, aikin da ya fi wancan nauyi nesa ba kusa ba.

Ina roƙon iyaye su kula da abu guda. Karayar faifan girma tana kamawa da wuri, don haka bayan kwana bakwai zuwa goma likitoci ba sa sake murɗa ta da hannu, domin ƙarfin da za a sa yana iya kashe faifan. Ja da matsa da ake maimaitawa wajen ɗori a kan gaɓar yaro suna da wannan haɗari, kuma hannu ba ya iya bambance nau'i na biyu da na huɗu. Duk yaron da ya kumbura kusa da gaɓa ya kasa takawa, a ɗauki hoto a ranar ko washegari.

Kai kuma Malam, kada rashin ciwo ya sa ku daina zuwa asibiti, domin gada ba ta ciwo. Tsakanin ziyara da ziyara, ka riƙa tsayar da shi ba takalmi kana duban dugadugansa ta baya, ka lura ko ɗaya ta fara kwantawa ciki, ko takalminsa yana cinyewa ta gefe guda, ko ya fara ɗingishi. In ka ga ɗaya daga cikinsu, ku koma wurin likitansa ba tare da jiran ranar da aka rubuta muku ba. Allah ya raya su, ya ƙara sauƙi.