Kuɗin Kwastan Iri Biyu Ne: Na Daraja da Na Ƙirge

Jama'ar Bimbilla, da 'yan'uwa na Salaga da Yendi da Bawku, musamman masu shigo da kaya ta iyakar Tatale ko Pulmakom ko Kulungugu, ku sani ma'aikacin kwastan ba da mudu ɗaya yake auna kowane kaya ba. Wani kayan darajarsa yake tambaya, ya yanki kashi kaza cikin ɗari. Wani kuwa ƙirga shi yake yi ko ya auna, ya ce kuɗi kaza a kan kowane ɗaya, ko mai tsada ne ko mai araha.

Mu fara da na daraja, domin shi ne ya fi yawa. Tun 2016 Gana ke bin jadawalin bai ɗaya na ECOWAS, mai hawa biyar: kayan da ba a biya musu komai, sai masu kashi 5, da 10, da 20, da 35 cikin 100. To, a nan ne da yawa ke tuntuɓe, domin ba a kan kuɗin saye kaɗai ake yanka kason ba. Ana haɗa kuɗin saye da na dako da na inshora tukuna.

A ce wani falke ya sayo takalma ƙirar Sin na sidi 10,000, dako ya ci 800, inshora 200. Darajar kayan a wurin kwastan ta zama 11,000. Takalmi na cikin hawan kashi 20, saboda haka kuɗin shigowarsa sidi 2,200 ne, ba 2,000 da ya lissafa a gida ba. Ba a nan aka tsaya ba, akwai harajin ECOWAS na rabin kashi ɗaya, da harajin VAT wanda ake ɗorawa bayan an haɗa darajar da kuɗin shigowar. Idan kuma da dala ko sefa aka sayi kayan, da farashin canjin da kwastan ke aiki da shi a lokacin za a mayar da su sidi. Sidi ya faɗi, kuɗin ya hau, alhali takalmi ko ƙafa ɗaya bai ƙaru ba.

Na ƙirge fa? A Gana an fi samunsa cikin harajin da ake sa wa wasu keɓaɓɓun kaya, irin su man fetur da ake biya wa a kan kowace lita, da taba sigari, kuma kwastan ne ke karɓa idan daga waje kayan suka shigo. Dokar 2023 ta ɗora wa sigari iri biyun a haɗe: kashi 50 cikin 100 na daraja, da kuma pesewa 28 a kan kowane kara. Na kawo sigari ne don lissafinta a fili yake, ba don ina yi wa kowa sha'awar sana'arta ba.

Kwali mai kara 20 zai biya sidi 5 da pesewa 60 na ƙirge. Yanzu ɗauki kwali biyu, ɗaya an yi masa daraja sidi 4, ɗayan sidi 14. Na daraja zai ci sidi 2 a kan na farko, 7 a kan na biyu, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Amma sidi 5.60 ɗin nan bai san mai tsada da mai araha ba. A kan kwali mai tsada kashi 40 ne cikin 100 na darajarsa. A kan mai araha kuwa kashi 140 ne, wato harajin ya fi kayan kansa kuɗi. Da gangan aka yi haka, don kada sigari mai araha ta yi sauƙin saye.

Gwamnati na son na ƙirge domin ba ya jawo gardama. Rasit ana iya rage masa lamba, amma katan mai kara 10,000 sidi 2,800 ne, ko wa ya ƙirga. Rauninsa shi ne tsadar kaya na cinye shi. A Disamba 2022 hauhawar farashi a Gana ta wuce kashi 50 cikin 100. A irin wannan shekara pesewar da doka ta yanke tana nan yadda take a takarda, ƙarfinta ne ke zubewa, har sai majalisa ta sake zama a kanta. Na daraja kuwa da kansa yake bin farashi.

Saboda haka wanda ya haɗa kaya iri-iri a mota ɗaya kada ya tara kuɗinsu ya yanki kaso ɗaya. Kowane kaya da lambarsa a jadawali, kuma layinsa daban a takardar da wakilin fitar da kaya zai cika. Ka karɓi takardar ka duba da idonka. A layin kayan daraja, raba kuɗin da aka caje ka da darajar da aka rubuta, ka ga ko ya ba da kason da ya dace. In bai bayar ba, ko an sa wa kayan lambar da ba tasu ba, ko an ƙi amincewa da rasit ɗinka an yi musu wata daraja. A layin kayan ƙirge, adadi da ma'auni za ka duba, domin idan aka rubuta kwali a gurbin kara, lissafin ya kauce har ninki 20, kuma ranar da aka gano, mai kayan ne zai cika gibin, har da tara.