Darasi na Shida: Gaisawa da Ƙaramin Yaro

A al'adar Hausawa, yaro ne yake fara gaishe da babba, ya rusuna ya ce, "Ina kwana?" Amma ƙaramin yaro yakan yi ƙiwa idan ya ga baƙuwar fuska. A nan sai babba ya fara magana don ya jawo shi a jiki. A gari irin Kuje da ke yankin Abuja, inda Gade da Gbagyi da Hausawa da sauran ƙabilu suke cuɗanya da harshen Hausa, za ku sha haɗuwa da irin wannan yaro.

Tattaunawa

Wata baƙuwa ta zo neman maƙwabciyarta a Kuje. Ta tarar da yarinya 'yar shekara biyar a ƙofar gida.

Baƙuwa: Sannu 'yammata!
(Yarinya ta sunkuyar da kai.)
Baƙuwa: (ta tsuguna tana murmushi) Ƙawata, yaya sunanki?
Yarinya: Ladi.
Baƙuwa: Ashe ranar Lahadi aka haife ki! Yaya makaranta?
Ladi: Lafiya lau. Ina wuni?
Baƙuwa: Lafiya lau, Ladi. Allah ya yi miki albarka. Mama tana ciki?
Ladi: E, bari in kira ta.

Bayani

Ku lura, baƙuwa ba ta ce, "Ba ki iya gaisuwa ba?" Da ta faɗi haka, da yarinya ta ruga cikin gida. Sunkuyar da kai alamar kunya ce da ladabi, don haka ba a tilasta wa yaro ya kalli idon babba. Baƙuwa ta tsuguna, ta sassauta murya, ta yi gajeruwar tambaya wadda kalma ɗaya ta isa amsarta. Da Ladi ta saki jiki, ita da kanta ta yi gaisuwa.

Ana kiran namiji "samari" ko "abokina", mace kuwa "'yammata" ko "ƙawata". A kula da jinsi: namiji a ce "sunanka", mace a ce "sunanki". Mai koyo yakan ce wa yarinya "ka", sai ta yi dariya ko ta yi shiru. Haka kuma, kada a tambayi yaro sunan mahaifinsa ko mahaifiyarsa, domin yara da yawa suna jin nauyin faɗa. A ce "Baba" ko "Mama" kawai.

Aiki

1. Me ya sa baƙuwa ta fara gaishe da Ladi?
2. Yaya ta san ranar da aka haifi yarinyar?
3. Ku sake rubuta tattaunawar, yaron ya zama namiji mai suna Ɗanladi.
4. Ku tashi biyu-biyu ku gwada ta a gaban aji.