Yadda Saturn V ta Riƙa Zubar da Jikinta Kafin ta Kai Wata

Duk abin da zai kuɓuce wa jan duniya gaba ɗaya sai ya kai gudun kilomita 11.2 a daƙiƙa ɗaya. Ko kewaya duniyar kawai zai yi, sai ya kai 7.8, kuma in an haɗa da abin da iska da nauyi suke ci yayin hawa, buƙatar takan kai kimanin 9.4.

Matsalar ita ce roka tana ɗauke da manta, kuma man ma nauyi ne da sai an ƙona wani man a ɗaga shi. Konstantin Tsiolkovsky na Rasha ya fitar da lissafin a 1903:

```
Δv = ve × ln(m0 / mf)
```

Wato gudun da za a samu ya dogara ga saurin fitar hayaƙi, da kuma ninki nawa nauyin roka a cike ya yi wa nauyinta bayan mai ya ƙare. Injin kananzir yana fitar da hayaƙi a kimanin kilomita 3 a daƙiƙa. Don a samu 9.4, sai rokar a cike ta ninka wofinta sau 23, ma'ana kashi 96 cikin 100 mai ne. Kashi 4 ne kacal ya rage wa tankuna da injuna da kaya. Alhali gaɓar farko ta rokar Saturn V, duk da gwanintar maƙeranta, wofinta ya kusa kashi 6. Gaɓa ɗaya ba za ta kai ba.

Shi ya sa ake jera roka gaɓa-gaɓa. Ranar 16 ga Yuli 1969, kumbon Apollo 11 ya tashi daga Florida a kan Saturn V da nauyin kusan tan 2,900. Gaɓar farko, mai injuna biyar, ta ƙona kananzir da ruwan oksijin na minti biyu da rabi, ta kai gudun kimanin 2.7. Nan aka kashe injunan, aka yanke ta, ta faɗa tekun Atlantika. Tan 130 na ƙarfe ke nan da babu wanda zai sake turawa, kuma a ganina nan ne dabarar duka take.

Ta biyu ta ƙona haidirojin, wanda hayaƙinsa ya wuce kilomita 4 a daƙiƙa, ta kai gudun kusa da 7, ita ma aka yar da ita. Ta uku ta ƙarasa shiga kewayen duniya, daga baya aka sake kunna ta har 10.8. Gudun bai cika 11.2 ba, domin wata yana cikin riƙon duniya. Kimanin tan 45 ne suka nufi can.

A wata kuwa gudun kuɓuta 2.4 ne, babu iska, sai gaɓa guda ta ɗaga 'yan sama jannatin Apollo 11, Armstrong da Aldrin, zuwa kewayensa. Da duniyarmu na buƙatar ninki biyu na gudun 9.4 ɗin nan, 23 ɗin zai zama 23 sau 23, fiye da 500, abin da zai sa tashi da rokar mai ya kusa gagara.