Ɗanyen Zuma da na Kamfani: Gargaɗi Game da Jarirai

Zuman da masu amya ke kawowa kasuwar Kafin Hausa ɗanye ne, matse saƙar kawai aka yi, da sauran kaki da garin fure a ciki. Na kamfani kuwa an ɗumama shi, an tace sosai don kada ya daskare da wuri.

Amma ɗumin nan ba ya kashe ƙwayar cutar botulizim, wadda akan samu cikin kowannensu. Hanjin babba yana hana ta yaɗuwa. Na jariri bai yi ƙwari ba, sai ta hayayyafa, ta fid da dafi mai shanye jiki. Alamunta su ne kashi ya ɗaure, tsotso da kuka su raunana, wuya ya saki. In an gani, a kai shi asibiti nan da nan.

Ana roƙon hakimai su gargaɗi dagatai da ungozomai, kada a lasa wa yaro zuma, ko ɗigo, sai ya cika wata 12.