Shawarwari: Idan Fanka Ta Rage Gudu Tana Ɗaukar Zafi

Bazarar bara fankar silin ta ɗakina ta soma juyawa kamar mai jin barci. Na sa ta a lamba biyar, amma ko labule ba ta kaɗawa, kuma in na kashe na taɓa cikinta sai in ji zafi rau. Wanda na fara kira ko hawa kujera bai yi ba ya ce koyil ne ya ƙone, a sayi sabuwa. Ashe kafasita ce kawai. Tun ranar nake bin wannan tsarin kafin in fitar da ko sisi.

1. Fara duba wutar. In ƙwan ɗaki ya dushe, firji yana nishi, duk fankokin gidan sun yi sanyi lokaci guda, to wuta ce ba ta da ƙarfi, fankarka lafiya lau take. In ita kaɗai ce, kuma wasu lambobin ragileta ba sa aiki, a duba ragiletar tukuna.

2. Kashe wuta, ka juya fuka-fukan da hannu. Wannan gwajin ne ya fi kowanne amfani, kuma kyauta ne. Tura su sau ɗaya ka saki. Fanka mai lafiyar boris za ta yi ta zagaye shiru, ta tsaya a hankali. In ta yi zagaye ɗaya ko biyu ta cije, ko kana jin ƙurus-ƙurus kamar yashi a ciki, boris ne ya bushe ko ya cinye. Ƙurar hunturu ce ke shiga ta haɗu da giris ta daskare. Injin yana ta ja, boris yana riƙewa, daga nan zafin yake fitowa. Fankar tsaye galibi bushi gare ta maimakon boris, kuma sau da yawa wankewa da ɗigon man keken ɗinki sun isa. Don Allah kada a zuba man gyaɗa, danƙo yake yi.

3. In ta juya sumul da hannu, kunna ta ka saurara. Idan tana gurnani ba ta tashi ba, amma da ka ɗan tura ta da sanda sai ta kama tafiya a sanyaye, kafasita ce kusan ko da yaushe. Aikinta shi ne ba wa koyil na biyu wutar da ke tayar da injin ta kuma riƙe ƙarfinsa. Tana raunana da shekaru, shi ya sa gudun yake raguwa kaɗan-kaɗan har mutum ya manta yadda fankar take a da. Haka tawa ta yi. Da aka cire kafasitar, jikinta ya ɗan kumbura, an rubuta 2.5µF amma mita ta nuna ƙasa da rabin haka. Aka sa sabuwa, cikin minti goma iska ta dawo. Sai dai a kula, wata kafasitar takan mutu ba tare da ta kumbura ba.

4. Sayi daidai lambar da ke jikin tsohuwar. Ɗauke ta ka tafi da ita shago. Ta fankar silin takan kasance 2.5µF, ta fankar tsaye ƙasa da haka, wajen 1.5µF. Wasu masu gyara sukan sa mai lamba babba don fanka ta yi gudu mai gida ya ji daɗi. Za ta yi gudun, amma koyil ne ke biyan kuɗin da zafi. Kafin a taɓa wayoyinta a kashe wuta daga babban makunni, a kuma haɗa bakinta biyu da sukudireba mai mariƙin roba, domin takan riƙe wuta bayan an kashe.

5. Koyil kuwa hanci ne ke fara gane shi. Warin ƙonanniyar waya, zafin da hannu ba ya iya jurewa bayan ɗan lokaci da kunnawa, da kuma sabuwar kafasita da ba ta canza komai ba alhali boris yana juyawa lafiya: in waɗannan sun haɗu, a buɗe. Za a ga wayar tagullar ta yi baƙi a wani gefe, mai gyara kuma zai auna koyil ɗin biyu da mita ya ga ko ɗaya ya tsinke. A fankar tsaye a tambaye shi ya duba ɗan fis ɗin zafi da ke ɗaure a jikin koyil, don wani lokaci shi kaɗai ne ya mutu.

6. Kada a bar fanka tana gurnani a tsaye. Wuta na shiga, iska ba ta sanyaya injin, kuma a haka ne matsalar kafasita ko boris take zama ƙonewar koyil. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne a bar ta a kunne a fita, a ɗauke wuta, a dawo da ita babu kowa a gida da zai tura ta.

7. In za a sake naɗa koyil, a tsaya a kan wayar tagulla, a kuma canza boris da kafasita a lokaci guda, domin abin da ya ƙona na farkon yana nan. Tambayi kuɗin aikin gaba ɗaya, ka gwada da farashin sabuwar fanka a kasuwa kafin ka ce a fara.