Rahoton cinikin wata da ya cinye jarin mai shago

Rahoton ciniki na ƙarshen wata da bai nuna adadin kayan da suka fita ba, sai jimillar kuɗi kawai, yana iya karya mai shago fiye da rashin rahoton gaba ɗaya. Wanda ba shi da takarda yakan tashi ya ƙirga buhuna da idonsa. Wanda aka miƙa wa takarda mai lambobi kuwa yakan sakankance, ya ɗauka an yi masa aiki. Abin da ya sa na tsaya a kan wannan magana shi ne wani shagon kayan masarufi a Kano, mai saro kaya daga kasuwar Singa yana sayar wa masu tebura da masu abinci, wanda littattafansa suka zo hannuna bayan ɓarnar ta riga ta auku. Wani yaro mai kwamfuta ne yake haɗa masa rahoto duk wata, ana biyansa. A ƙarshen Fabrairun 2024 ya kawo shafi ɗaya: cinikin Janairu naira 7,310,000, na Fabrairu naira 8,320,000, ƙarin kusan kashi 14 cikin ɗari. A ƙasa ya rubuta bayani layi ɗaya, wai kasuwa ta buɗe, kwastomomi sun ƙaru. Lissafinsa bai yi kuskuren ko kwabo ba, kuma wannan ne abin haushin, domin babu wanda zai kama shi da ƙarya.

Mai shagon ya ga rarar naira miliyan ɗaya da dubu goma, ya ɗauke ta riba ce, ya cire miliyan ɗaya daga akwatin shago ya ba da kafin alƙalami na wani fili. Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. Da ya shiga Singa zai yi sarin azumi, wato lokacin da sukari da man girki suka fi tafiya a duk shekara, kuɗin hannunsa bai kai ya mayar da kayan da ya sayar ba, balle ya ƙara. Ya shiga watan da ya fi kowane wata ciniki da rabin kanta a wofi, masu kunu da masu ƙosai da suka saba da shi suka koma maƙwabta. Ga abin da littafin shagon ya nuna da aka zauna aka fitar da adadi da farashi, a kan manyan kaya huɗu da rahoton ya ƙunsa:

| Kaya | Adadin Janairu | Farashi | Kuɗi | Adadin Fabrairu | Farashi | Kuɗi |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Shinkafa, buhu | 40 | 60,000 | 2,400,000 | 34 | 76,000 | 2,584,000 |
| Sukari, buhu | 30 | 62,000 | 1,860,000 | 27 | 80,000 | 2,160,000 |
| Taliya, katan | 200 | 10,500 | 2,100,000 | 210 | 13,000 | 2,730,000 |
| Man girki, jarka | 25 | 38,000 | 950,000 | 18 | 47,000 | 846,000 |
| Jimilla | | | 7,310,000 | | | 8,320,000 |

Ko wanda bai taɓa zama ajin lissafi ba zai ga cewa kaya uku cikin huɗu sun ragu. Shinkafa ta sauko daga buhu 40 zuwa 34 amma kuɗinta ya hau, haka sukari. Abin da ya ɗaga jimillar tsadar kaya ce, kuma duk wanda ya je cefane a farkon 2024 ya san halin da aka shiga bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira: hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a Fabrairun nan. Hanyar raba tsada da ciniki na gaskiya ba ta da wuya. A ɗauki adadin Fabrairu a ninka shi da farashin Janairu. Shinkafa buhu 34 a kan 60,000 ta ba da 2,040,000, sukari 1,674,000, taliya 2,205,000, man girki 684,000, jimilla 6,603,000. Wato da farashi bai motsa ba, da cinikin ya faɗi da naira 707,000, kusan kashi 10 cikin ɗari. Tsada ce ta lulluɓe wannan faɗuwar da naira 1,717,000, har ta bar saura 1,010,000 da aka kira kasuwa ta buɗe. Wannan lissafin ba ya wuce minti goma da kalkuleta, kuma mutumin da yake karɓar kuɗi don haɗa rahoto ba shi da uzurin tsallake shi.

Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa ba duk faɗuwar ce laifin kasuwa ba, kuma nan ne aikin bayani yake. Janairu kwana 31 ne, Fabrairun 2024 kwana 29, shagon kuma kullum yake buɗewa. Cinikin kwana ɗaya a Janairu ya kai kimanin naira 236,000, saboda haka kwana biyun da suka ɓace kaɗai sun ɗauke wajen 470,000 daga cikin 707,000 ɗin. Ragowar, kimanin 235,000, ita ce take neman dalili, kuma dalilin yana cikin littafi ga mai son dubawa. A shafin man girki babu ko jarka ɗaya da aka rubuta tsawon kwana tara a tsakiyar wata, domin kayan sun ƙare ne ba a saro ba. Wannan ba gudun tsada ba ne, sakaci ne, kuma maganinsa daban. A shafin shinkafa kuwa sunayen masu saye ba su ragu ba, abin da suke ɗauka ne ya ragu: mai abincin da take ɗaukar buhu biyu ta koma buhu ɗaya da katan ɗin taliya, abin da ya sa taliya ta ƙaru da katan goma duk da ita ma ta yi tsada. Bayanin da ya dace ya biyo bayan teburin ke nan, layi huɗu ko biyar: nawa ne na tsada, nawa ne na ƙarancin kwanaki, wane kaya ya yanke a kanta da kwana nawa, su wa suka canza abin da suke saye. Duk dalilin da mai rahoto ba zai iya buɗe littafi ya ɗora yatsa a kansa ba, kada ya rubuta shi. Na gaji da ganin "matsin tattalin arziki" idan ciniki ya sauka da "kasuwa ta buɗe" idan ya hau, a watanni goma sha biyu, a shaguna daban-daban, kamar an buga hatimi.

Abin da ya ƙarasa shagon ma ba ya cikin teburin can, shi ne bashi. A Janairu kayan da aka ba da bashi naira 600,000 ne. A Fabrairu, da tsada ta matse masu tebura, ya kai 1,450,000, kuma yaron ya haɗe shi cikin ciniki bai ware ba. Kuɗin da ya shigo hannu daga cinikin Fabrairu ke nan 6,870,000, na Janairu 6,710,000, bambancin 160,000 kacal. Mayar da kayan da aka sayar a Fabrairu a kan sabon farashin sari yana neman kusan miliyan 7.9. Kafin mai shagon ya taɓa ko sisi, akwai giɓin miliyan ɗaya. Ya zo ya cire wata miliyan ɗayan a kai. Ciniki ba riba ba ne. Bashi ba kuɗi ba ne sai ya dawo. Ribar da aka lissafa da farashin tsohon sari ba ta sayen sabon buhu. Dole ne kowane rahoto ya ɗauki layi uku a ƙarƙashin jimilla: na hannu da na tiransifa, sabon bashin da aka bayar, da tsohon bashin da aka karɓo, domin shi ma wannan na ƙarshen wasu sukan cusa shi cikin cinikin wata su ƙirga kaya ɗaya sau biyu. Masu ɗaukar takardar banki ko ta na'urar POS su ce ita ce ciniki, alhali ana cirar kuɗi a na'urar, nasu ya fi muni.

Akwai masu cewa wannan aikin manyan kantuna ne, shagon unguwa mai kaya ɗari uku ba zai iya ƙirga kowace ashana da kowane ƙullin magi ba. Gaskiya ne, kuma babu wanda ya ce a yi haka. A yawancin shagunan kayan masarufi, kaya takwas zuwa goma ne suke ɗauke da mafi yawan kuɗin. Su za a ba layi-layi da adadi da farashi, sauran a tattara su a layi ɗaya na ƙananan kaya. Wasu kuma su ce farashi yana canzawa sau uku a wata, wanne za a rubuta? A raba kuɗin da kayan ya kawo da adadin da ya fita, abin da ya fito shi ne farashin watan, kuma haka aka samo na teburin da ke sama. Ƙorafin da ya fi waɗannan ƙarfi shi ne na mai shagon da zai ce shekara ashirin yana kasuwa da ƙwaƙwalwarsa, bai taɓa buƙatar tebur ba. Ban raina wannan ba, domin tsohon ɗan kasuwa yakan ji a jikinsa idan kaya ba sa tafiya. Amma wannan jin an gina shi ne a lokacin da buhu yake wata shida a farashi ɗaya, aljihu ya yi nauyi ka san ka sayar da yawa. Idan buhun shinkafa ya ƙara naira 16,000 cikin wata guda, nauyin aljihu ya daina ba da labarin gaskiya, kuma mai shagon nan ba sabon shiga ba ne.

Shi ma mai shago yana da nasa laifin, ba zan ɗora komai a kan yaron ba. Da yawa ba sa son a rubuta abin da suka ɗiba na gida, shinkafar cefane da kuɗin makaranta, sai a ƙarshen wata kaya su ƙi daidaita da kuɗi a fara zargin yaran shago. Wasu sukan karɓi rahoto su duba layin ƙarshe kawai su ninke su sa a aljihu. Wanda karatun boko ya yi masa nauyi ya sa a karanta masa ginshiƙin adadi da baki, buhu nawa wancan wata, buhu nawa wannan, domin wannan yaren ya fi kowa iya shi. Kuma kada a yarda da rahoton da aka haɗa ba tare da an ƙirga kayan da suka rage a kanta da sito a daren ƙarshen wata ba: abin da aka fara wata da shi, a haɗa da abin da aka saro, a cire abin da ya rage, dole ya yi daidai da adadin da aka ce an sayar da wanda aka ɗiba. Idan bai yi daidai ba, ko dai ba a rubuta wani ciniki ba ko kaya sun bi ta ƙofar baya.

Kwatanta wata da wanda ya gabace shi ma yana da iyaka a wurinmu, saboda azumi da salla ba sa zama a watan bature ɗaya, sukan matso da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Cinikin sukari na Maris 2024 idan aka jera shi da na Fabrairu zai nuna tashi ko da shagon yana mutuwa, na Mayu kuma zai nuna faɗuwa ko da yana bunƙasa. Mai haɗa rahoto ya rubuta a saman shafi kwana nawa na azumi suka faɗo cikin watan, kuma idan akwai littafin bara, ya jera buhunan wannan azumin da buhunan azumin bara, ba nairorinsu ba.